Tsara takardar tambayoyi ga ɗalibai da malamai

Malam, ina bincike a kan aikin gida na 'yan aji biyar na firamare. Na rubuta "Malaminmu yana ba mu aikin gida kuma yana dubawa a kan lokaci", sai mai duba aikina ya soke ta da jan biro. Ina laifinta?

Tambaya biyu ka cusa a jimla ɗaya. Yaron da malaminsa ke ba da aiki kullum amma ba ya dubawa, me zai zaɓa? Ko me ya zaɓa, ba ka san wane ɓangare ya amsa ba. Raba ta gida biyu. Sannan "a kan lokaci" ba ta da iyaka: wani washegari yake nufi, wani ƙarshen mako. Gara ka ce, "A makon jiya, sau nawa malamin lissafi ya duba aikinka?" Ka ba da zaɓi uku: bai duba ba, sau 1 ko 2, sau 3 ko fiye.

Abin da ya fi damuna shi ne kunya. Yaranmu sun tashi da tarbiyyar kada a kushe malami, don haka idan yana tsaye a ajin, yabo kawai za ka kwasa. Ka roƙe shi ya ɗan fita, kuma kada kowa ya rubuta suna.

Ma'auni mai mataki huɗu zan ɗauka ko mai biyar?

Wanda Rensis Likert ya fito da shi a 1932 mataki biyar ne, da tsaka-tsaki a tsakiya. A kwalejojin ilimi na Najeriya an fi sabawa da mai huɗu: na amince ƙwarai 4, na amince 3, ban amince ba 2, sam ban amince ba 1. Jimlarsu 10, a raba huɗu ya ba da 2.50, shi ne mizanin da ake gwada matsakaicin makin kowace tambaya da shi, a ga ko masu amsa sun amince ko ba su amince ba. Ga malamai duka biyun suna aiki, sai dai mai huɗu yana tilasta wa wanda ba shi da ra'ayi ya ɗauki ɓangare. Ƙananan yara kuwa mataki uku ya ishe su.

Gwajin farko dole ne?

Dole ne. Nemi makaranta irin taka wadda ba ta cikin ainihin binciken, ka ba yara kamar ashirin su cike, kana duba agogo. Tambayar da da yawa suka tsallake, ko wadda kowa ya ba ta amsa iri ɗaya, ka sa mata alama. Bayan nan ka zauna da biyar daga cikinsu ɗaya bayan ɗaya, ka ce, "Faɗa mini da bakinka, me wannan take tambaya?" Idan yarinya ta ce "aikin gida" shara da wanke-wanke ne, to ka ga inda takardar ta yi ɓaraka. Sai ka mayar da ita "aikin da malami ya ba ku ku yi a gida", ka sake gwadawa da wasu yaran.