Gwajin tiroponin: yaushe za a sake ɗibar jini, kuma yaya ake karanta sakamakon?

Majinyaci ya zo da ciwon ƙirji, tiroponin ya fito lafiya. Mu sallame shi?

Tukuna. A fara tambayarsa ƙarfe nawa ciwon ya soma. Tiroponin furotin ne da ke cikin tsokar zuciya, yana malalowa cikin jini in tsokar ta jikkata, kamar a toshewar jijiyar zuciya, amma ba da yawa nan take ba. Tsofaffin gwaje-gwaje ba sa ganinsa sai bayan awa 3 zuwa 6, ya kai ƙololuwa wajen awa 12 zuwa 24, ya ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin ya sauka. Wanda ya taso daga Illela ko Tambuwal ya kwana da ciwon, jininsa na farko zai faɗi abu mai yawa. Wanda ciwon ya kama a Mabera, cikin garin Sakkwato, ya iso cikin rabin awa, sakamakonsa na farko ba abin dogaro ba ne. Da tsohon gwaji, a ɗiba da isowarsa, a sake bayan awa 6, in shakku bai kau ba a ƙara a awa 12.

Kafin duk wannan, a yi ECG cikin minti 10. In sashen ST ya ɗaga, ba a jiran sakamakon jini.

Me gwaji mai kaifi ya sauya?

Yana iya auna ɗan abin da ke jinin aƙalla rabin masu lafiya, saboda haka maganar "akwai ko babu" ta ƙare. Yanzu ana duba yawansa, da kuma yadda yake motsi tsakanin ɗiba biyu. Wannan ne ya rage jira zuwa awa 1.

Ga ƙa'idar ƙungiyar likitocin zuciya ta Turai ta 2020 ga gwaji mai kaifi na `hs-cTnT` na kamfanin Roche, wanda iyakar masu lafiya a cikinsa 14 ng/L ce. Ana kawar da zargin toshewar jijiyar zuciya in sakamakon farko bai kai 5 ba, muddin ciwon ya haura awa 3, ko kuma bai kai 12 ba sannan sauyin awa 1 bai kai 3 ba. Ana ɗaukar majinyaci a matsayin mai toshewa in na farko ya kai 52, ko sauyin ya kai 5. Wanda ya faɗo tsakani ana ajiye shi, a sake ɗiba a awa 3, a yi hoton zuciya.

A ce wani ɗan kasuwa mai hawan jini ciwo ya kama shi bayan sallar asuba, ya iso ƙarfe 7. ECG bai nuna komai ba, jinin farko 9 ng/L. Mai duba iyakar 14 kawai zai ce lafiya lau. Ƙarfe 8 aka sake, ya fito 21. Sauyin 12 ne, ya ninka 5 fiye da sau biyu, kuma wannan mutum gadon asibiti ne wurinsa. Lambobin nan na wannan gwajin ne kaɗai. `hs-cTnI` na Abbott yana da nasa, kuma ba a gwama sakamakon injuna biyu.

To mai ciwon ƙoda da kullum nasa a sama yake?

Nan ne aka fi kuskure. Hauhawar tiroponin na nufin tsokar zuciya ta jikkata, bai faɗi abin da ya jikkata ta ba. Mai ciwon ƙoda da ya ba da 38, sannan 39, sannan 38 a awa 3, raunin da ya daɗe ne. Ga wanda nasa ya riga ya hau, ana neman sauyin da ya wuce kashi 20 cikin 100 kafin a ce sabon rauni ne. Ko sabon ne ma, sai an haɗa da alamun ƙarancin jini ga zuciya kafin a kira shi toshewa. Gazawar zuciya bayan haihuwa, wadda Sakkwato ta yi suna da yawanta, tana iya ɗaga shi. Haka tsananin ƙarancin jini, da gubar ƙwayoyin cuta a jini, da gudan jini a huhu. Ba wa irin waɗannan maganin tsinka jini mai ƙarfi saboda lamba kawai na iya jawo zubar jini ba gaira ba dalili.

Mu kaset ɗin layi biyu muke da shi. Ƙa'idar awa 1 ta shafe mu?

A'a, ko kaɗan. Da yawa daga cikinsu sai tiroponin ya kai wajen 0.5 ng/mL suke fito da layi, wato 500 ng/L. Ɗan kasuwar nan da 21 ɗinsa zai fito babu komai. A bi tsarin awa 6 da 12, ko a tura majinyaci gaba. A kuma lura da ma'aunin da ke kan takarda: 0.04 ng/mL shi ne 40 ng/L.

Me ke ɓata sakamako daga ɗiba zuwa inji?

Jinin da ƙwayoyinsa suka farfashe, wanda ruwansa ke fitowa ja-ja, yana rage `hs-cTnT` ta ƙarya. A sake ɗiba. Ƙwayoyin biyotin masu ƙarfi da ake sha don gashi ma suna iya rage shi, a riƙa tambaya. Sannan a rubuta ainihin lokacin ɗiba a jikin kwalba. Awa 1 daga ɗibar farko ake ƙirga ta, ba daga fitowar sakamako ba, domin jinin da aka ɗiba bayan awa 2 ba a auna shi da lambobin awa 1.