Babbar Riga Ba Ita Ce Dukiya Ba

Matasan asusu na Damagaram, mun daɗe muna jin cewa mai shadda da babbar waya shi ne mai arziki. Ido ne ya fara gani, shi ya sa ake yarda. Amma arziki shi ne abin da ya rage bayan an biya bashi.

Gwada da kanka: lissafa abin da za ka samu in ka sayar da kayanka yau a kasuwar Dole, ka cire bashin da ake bin ka. Waya tana faɗuwa daraja tun ranar saye. Tunkiyar da ka haƙura ka kiwata kuwa haihuwa take yi, ko da yake sai ka cire kuɗin dusa da magani kafin ka ce riba.

Don Allah ku isar wa 'yan'uwa.