Kayan sola da aka dawo da su shago: amsoshi ga ƴan kasuwar Tawa

Alhaji, wanda na sayar wa fitilar sola ya dawo da ita, wai ba ta kamawa. In ba shi sabuwa nan take?

A'a. Gwada ta tukuna, a gabansa. Ka sa ta a caji, ka duba wayar, ka duba bakin da ake soka wayar ko ƙura ta cika shi. Da yawa daga cikin fitilun da ake dawowa da su lafiyarsu lau, ko dai ba a shanya farantin solar a rana sosai ba, ko waya ce ta tsinke a ciki. In ka miƙa sabuwa ba ka gwada ba, ka yi asarar fitila guda, kuma bayan mako zai dawo da sabuwar da irin wannan kukan.

To wanda na karɓa, ina zan ajiye shi?

Ba a ƙarƙashin kanta ba, inda kuka saba turawa har damina ta wuce. Ranar da kaya ya dawo, ranar ake rubuta shi: wa ya kawo, yaushe aka saya, me ya ce yana damunsa, me ka gani da ka gwada. Ka manna takarda a jikinsa. Daga nan wurare huɗu ne kawai zai iya zuwa. Wanda ba a taɓa ba, kwalinsa a rufe, ya koma kanta. Wanda gyara kaɗan zai tashe shi ya tafi wurin mai gyara. Wanda garantinsa bai ƙare ba kuma laifin na kamfani ne a haɗa shi da takardar sayensa a mayar wa dila. Wanda ya mutu a cire abin da ke da amfani a jikinsa, sauran a ware shi gefe. Garanti ba ya tsayawa don kaya na kwance a shagonka, kuma batir da aka bari babu caji wata biyu ko uku a zafin Afrilu da Mayu, kai ka ƙarasa shi, ba wanda ya dawo da shi ba.

Kawu, zan iya goge fitilar da aka gyara in sa ta cikin kwali in sayar a kuɗin sabuwa?

Wannan ha'inci ne, kai ma ka sani. Ka ce an gyara ta, ka faɗi abin da aka canza, ka rage kuɗi, ka ba da ɗan lokaci na garanti ko da wata guda ne. Akwai masu saye da yawa da ke neman mai rahusa.

Alhaji, batirin dalma mai 12 V, 100 Ah na sayar wa wani wata huɗu da suka wuce. Ya dawo da shi, ya ce ba ya kai ƙarfe goma na dare. Laifin wa, kuma yana sake sayuwa?

Zauna, ƙanena, wannan ba ta amsuwa a tsaye. Kada ka yi masa alkawarin komai yau, ka ce ya ba ka kwana uku.

Fara da ido. In jikin batirin ya kumbura, ko ya tsage, ko yana zubar da ruwa, magana ta ƙare, ba a sa shi a caji, ba a sayar da shi. In mai buɗaɗɗen kai ne, ka leƙa ko ruwan ya rufe farantan ciki. In ya ja baya, ruwan distile ake ƙarawa, ba asid ba, ba kuma ruwan rijiya ba.

Sannan ka cika shi da caji mai kyau, a hankali, misalin 10 A, a wuri mai iska, nesa da wuta da taba. Ka cire shi ya kwana ba a haɗe da komai ba, da safe ka sa mita. Lafiyayyen batir da ya cika zai nuna wajen 12.6 V zuwa 12.8 V. In ya nuna wajen 10.5 V bayan cikakken caji, kusan tabbas ɗaya daga cikin ɗakunansa shida ne ya mutu, don kowane ɗaki yana ba da kimanin 2.1 V. Irin wannan a wata huɗu yakan fi karkata ga laifin ƙira, sai ka mayar wa dila. Na ce yakan fi karkata, domin faɗuwa daga kan amalanke ko dafa shi da mugun caji ma suna iya jawo hakan.

Amma inda yawancinku ke ruɗewa shi ne lokacin da mita ta nuna 12.6 V, sai ku ce wa mutum batirinsa lafiya lau. Mita tana gaya maka ya cika ne, ba ta gaya maka yawan abin da ya ɗauka ba. Tulu da laka ta cinye rabin cikinsa ma yana cika har baki. Sai ka ɗora masa kaya. Samo ƙwan fitilar mota mai wat 60, yana jan kusan 5 A. Ka haɗa shi, ka duba agogo, ka riƙa aunawa har mita ta sauka 10.5 V, sai ka cire nan take ka mayar da batirin caji. Yawancin batura da aka rubuta wa 100 Ah an auna su ne a kan za su riƙe 5 A na awa 20. A ce naka ya riƙe awa 11. Biyar sau goma sha ɗaya, 55 Ah ke nan ya rage, kusan rabi ya tafi.

Yanzu ka koma kan mai shi, cikin mutunci, ka tambaye shi abin da yake kunnawa. A ce talabijin mai wat 60, fanka mai wat 40, da ƙwai huɗu masu wat 5 kowanne. Wat 120 ke nan. In yana kunna su awa shida, ya ci 720 Wh a dare guda. In farantinsa mai wat 100 ne, abin da zai mayar wa batir a yini bai cika wuce 400 Wh zuwa 500 Wh ba, kuma lokacin hunturu da ƙura ta lulluɓe farantin ba ya ma kai haka. Kullum ana ɗiban fiye da abin da ake zubawa, batirin bai taɓa cika ba tun da ya bar shagonka. Batirin dalma da ke zama rabi-rabi, wani farin gishiri ne ke daskarewa a farantan cikinsa ya rage masa ciki. Garanti ba ya ɗaukar wannan.

Sai dai kada ka yi saurin ɗora masa laifin duka. Wata nawa batirin ya yi a shagonka, ko a sito a Yamai, kafin ka sayar? Ka taɓa sa shi a caji yana jiran mai saye? Mai yiwuwa ya riga ya raunana kafin ya fita. Kuma wa ya haɗa masa wannan batir da wannan faranti, in ba kai ba? In ba ka tambaye shi kayan da zai kunna ba ranar ciniki, kana da naka kason. Gwajin nan zai nuna maka abin da ya rage, amma ba koyaushe zai raba muku laifi daidai ba. Ni abin da nake ganin ya fi adalci a irin haka shi ne a raba asarar: ka karɓi tsohon a wani kuɗi, ka rage masa a sabon, da sharaɗin ya ƙara faranti ko ya rage kaya. In ba haka ba sabon ma wata huɗu zai yi.

Batun sake sayarwa kuma, ka cika shi ka sauke sau biyu ko uku, wani lokaci yakan ɗan farfaɗo, daga awa 11 ya kai 12 ko 13, wani lokaci ko motsi ba ya yi. In ya kai 80 Ah ko fiye, ka sayar da shi a matsayin na hannu hankali kwance. Mai 55 ko 60 kuwa sai ga wanda ƙwai biyu da cajin waya kawai yake so, ka rubuta ainihin abin da ya rage a jikinsa da fenti, ka gaya masa ba zai daɗe ba. Ƙasa da rabi, ni ba na sayarwa don aiki, ya shiga sahun matattu.

Hajiya mai shago ce ke tambaya: duk abin da ya lalace sai na tura Yamai?

A'a, Hajiya, kwantar da hankalinki. Tsakanin Tawa da Yamai ya haura kilomita 500, ƙaramar fitila ba ta biyan kuɗin motarta ita kaɗai. Ki tambayi dilanki ko zai karɓi hoto da lambar kayan ya rage miki a lissafi. Manyan kaya ki tara su, ki ba motar da ta sauke miki kaya za ta koma wayam, ta fi araha. Batura a tsaye ake ɗora su, a liƙe kawunansu da salatif, kuma ba a haɗa su da buhun gero ko albasa.

Batirin lityum na cikin fitila ya kumbura, in huda shi iskar ta fita?

Kul! Wuta yake kamawa. Kada ka huda, kada ka sa a caji, kada ka jefa a shara. Liƙe kawunansa, ka sa shi cikin bokitin ƙarfe mai busasshen yashi, a inuwa, nesa da kwalaye da fetur. In fitilar lafiya take, a sa mata sabon batir irin nata daidai: mai 3.2 V daban, mai 3.7 V daban, ba a musanya su.

Masu sayen tsofaffin ƙarafa sun ce in zubar da ruwan in fasa batirin, dalmar kawai suke so.

Wannan ita ce tambayar da ke tayar mini da hankali duk lokacin da na ji ta. Ruwan nan asid ne mai ɗauke da dalma, kana zubawa a ƙasa ya shiga inda yara ke wasa, damina ta kai shi tafki ko rijiya. Dalma ba ta ruɓewa. A unguwar Thiaroye-sur-Mer da ke gefen Dakar, yara 18 suka rasu tsakanin 2007 da 2008 saboda gubar dalma daga fasa tsofaffin batura a cikin unguwa. Kun kuma ji abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, ko da yake can daga haƙar zinariya ne, yara fiye da 400 suka tafi. Yaron da bai mutu ba ma tana taɓa masa ƙwaƙwalwa, kuma ba a gani da wuri.

Ka sayar da batirin a rufe, da ruwansa, yadda yake. Ka tambayi mai sayen inda yake kai shi, in ka ga a tsakar gida yake fasawa yana narkarwa a tukunya, ka nemi wani ko da kuɗinsa bai kai na wancan ba. Wanda ya fi duka shi ne dilan da ke karɓar tsoho idan ka sari sabo, ka nemi a sa wannan cikin cinikinku tun farko. Kafin a zo ɗauka, ka jera su a kan katako, ƙarƙashin rumfa, inda yaro da akuya ba sa kaiwa. In ruwan ya zube ka barbaɗa bikarbonat har ya daina kumfa, in ya taɓa fata ko ido a wanke da ruwa mai yawa, na ido kuma a wuce asibiti.

To in na loda su na kai Najeriya ta Ƙonni, can sun fi daraja?

Tsohon batirin dalma yana cikin shara mai haɗari a ƙarƙashin yarjejeniyar Basel ta 1989, ƙetare iyaka da shi sai da izinin hukumomin ƙasashen biyu. Ba aikin mai shago ba ne, ka bar wa masu takarda.