Idan Turancin ɗalibi ya gyaru dare ɗaya: me doka ta yarda a yi da rubutunsa na Hausa?

Ɗalibin da ya saba samun maki 8 cikin 20 a insha'in Turanci ya kawo aikin gida da ya cancanci 18. Malamai da yawa kan nemo rubutunsa na Hausa su ajiye kusa da sabon aikin, su ce bari a gani ko kai ɗaya ne ya haifi biyun. Dabarar tana da amfani, amma tana da iyaka. A ƙa'ida, kwatancen yana ba malami dalilin buɗe bincike ne kawai. Bai isa a cire maki ko a dakatar da ɗalibi a kansa shi kaɗai ba.

Tushen wannan shi ne haƙƙin a saurari mutum kafin a hukunta shi, wanda sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya tanada. A shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri, wadda Kotun Ƙoli ta yanke a 1986, an soke korar ɗaliban da aka zarga da hannu a tarzoma saboda ba a yi musu adalcin sauraro ba. Cikin abubuwan da kotun ta duba har da cewa wanda ya shugabanci kwamitin binciken yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa. Ba shari'ar satar rubutu ba ce, amma darasinta ya shafi wannan batu kai tsaye: malamin da ya yi zargi ya kawo hujjarsa, wani daban ya yanke hukunci. Ita kuwa Dokar Maguɗin Jarrabawa ta 1999 laifuffukan jarrabawa ta lissafa, kuma kotu ce ke sauraron su. Shakka a kan aikin gida yawanci dokokin makaranta ne ke kula da ita.

To, me takardar Hausa ke iya nunawa? Akwai abin da ɗalibi ke tsallakawa da shi daga harshe zuwa harshe, akwai kuma wanda ba ya tsallakawa. Masanin ilimin harsuna biyu Jim Cummins ya yi bayanin wannan tun 1979. Iya jera hujja, sanin inda sakin layi zai ƙare, kawo misalin da ya dace, da sanin batun kansa, duk ɗalibi na tafiya da su ko da wane harshe ya riƙe alƙalami. Lokutan fi'ili, yawan kalmomi da nahawun Turanci kuwa sai an koye su daban. Saboda haka Hausarsa tana nuna ƙarfin tunaninsa, tsohon Turancinsa kuma yana nuna inda harshensa ya tsaya. Wanda ya kwatanta takarda biyu kawai, ta Hausa da sabuwar ta Turanci, ya bar shaida mafi ƙarfi a cikin durowa.

Takardu iri uku ake bukata: aikin da ake shakka, Turancinsa biyu ko uku da ya rubuta a gaban malami cikin wannan zango, da Hausarsa ɗaya ko biyu da ya rubuta a irin wannan yanayi. Kowace ta kai kalma 200 zuwa 300, domin 'yan layuka ba sa nuna ɗabi'ar marubuci. Kuma nau'in ya zama ɗaya. Ba a auna insha'in muhawara da wasiƙar zumunci.

Mu ɗauki misali. Ɗaliba 'yar aji biyar na sakandare ta kawo insha'in muhawara a kan ko ya kamata a bar ɗalibai su riƙe waya a makaranta. A tsofaffin takardunta na Turanci ana samun kuskure kamar 12 cikin kowace kalma 100, kuma kurakuran nata ne, suna maimaita kansu. Tana musanya p da f a rubutu. Tana sake sa wakilin suna bayan suna, saboda Hausa tana cewa “yayana ya tafi” kuma ta ɗauki wannan gini ta kai Turanci. Tana fara labari da shuɗaɗɗen lokaci ta zame zuwa na yanzu. A sabon aikin kuskure ɗaya ne cikin kalma 100, kuma babu ko ɗaya daga cikin waɗannan ukun.

Yanzu a buɗe Hausarta. Idan aka tarar tana buɗe muhawara da tambaya, ta kawo hujja uku, ta ambaci ra'ayin abokan hamayya ta rushe shi, kuma sabon Turancin ya bi wannan tsari sak, to tunanin nata ne. Abin da ya rage tambaya ce ta harshe: wa ya gyara? Mai yiwuwa ta rubuta da Hausa ta fassara, wani a gida ya share kurakuran. Wannan taimako ne da wasu makarantu suka halatta, wasu suka ce a bayyana shi, wasu suka hana, don haka sai a koma ga abin da aka rubuta wa ɗalibai tun farkon zango. Idan ba a taɓa gaya musu an hana ba, hukunci ba shi da madogara.

Idan kuwa Hausarta ma jerin maganganu ce ba sakin layi, ba hujjar da ta ɗoru kan wata, sai ga Turanci mai tsari da kalmomin da ba ta taɓa amfani da su ba, to abubuwa biyu sun yi tsalle lokaci ɗaya. Nan ne shakka take da ƙarfi.

A nan ma ana yawan zamewa. Ɗalibai da dama suna jin Hausa kamar jakin Kano amma ba a taɓa koya musu rubuta ta sosai ba. Suna haɗe kalmomin da ake rabawa, suna rubuta ƙ da ɗ da ɓ ba lanƙwasa. Wannan rashin horo ne a ƙa'idojin rubutu, ba raunin tunani ba, kuma mai kwatance ya kau da kai daga gare shi ya dubi tsarin magana. Akwai ma ɗalibin da duk karatunsa na kimiyya da Turanci ya yi, wanda ba shi da kalmomin Hausa na batun, sai Hausarsa ta fito a raunane. Shi ya sa ya fi kyau malamin Hausa ya karanta takardar Hausa, ba tare da an gaya masa abin da ake zargi ba.

Bayan kwatance sai zama da ɗalibar. A sanar da ita a rubuce abin da aka lura da shi, a ba ta 'yan kwanaki, a bar ta ta zo da mahaifi ko malamin ajinta. A nemi daftarin farko da takardun da ta yi zane-zane a kai. A zaɓi jimla uku masu wuya daga aikin a ce ta bayyana su da Hausa, domin tambaya da Turanci na iya ɗaure bakin wadda ta rubuta abinta da kanta. Sannan ta rubuta sakin layi biyu a kan batun cikin minti 30. Ba a sa ran su kai aikin gida kyau, tunda a gida akwai lokaci da ƙamus. Abin dubawa shi ne ko hujjojin suna kanta. Wadda ta rubuta abinta za ta dawo da hujjojin da tsofaffin kurakuranta. Wadda aka rubuta wa takan tuna 'yan kalmomi masu nauyi ta kasa faɗin dalilin da ya sa hujja ta biyu ta biyo bayan ta farko.

Rahoton da zai je gaban kwamitin da zai yanke hukunci ya ƙunshi takardun duka, ƙididdigar kurakuran, tambayoyin da aka yi da amsoshinta kamar yadda ta faɗa. A ba ta kwafi, a kuma gaya mata inda za ta ɗaukaka ƙara da wa'adin yin hakan.