Ma'anar Access Point: yadda tsohuwar ruta ke komawa aiki

Masu gyaran intanet a Maraɗi in sun ga tsohuwar ruta kan ce "a mai da ita AP". AP gajarcewar Access Point ce, kuma in rutarka da Faransanci take, Point d'accès za ka gani a rubuce. Na'ura ce da ba ta da intanet na kanta, ba ta kuma rabon adireshi. Tana karɓa daga babbar ruta ta waya, ta watsa wifi a inda take, shi ke nan. Ta bambanta da mai maimaita sigina, wanda yake kamowa ta iska ya sake turawa ta iska, har gudun ya kan ragu da kusan rabi.

Ɗauki gidan da babbar ruta ke falo, shago kuma yana bakin titi, mita 30 tsakani, da bangon siminti uku. Wifi ba ya kaiwa, ga tsohuwar ruta a kwali tana shan ƙura.

Kafin ka haɗa su, danne maɓallin Reset na tsohuwar wajen daƙiƙa 10 ta manta saitin da. Jona ta da kwamfuta ita kaɗai, ka shiga shafin saitinta. In adireshin babbar 192.168.1.1 ne, sa wa tsohuwar 192.168.1.2, muddin lambar ba ta cikin waɗanda babbar ke rabawa. Sa sunan wifi da kalmar sirri, sannan ka kashe DHCP, mai rabon adireshi. Daga nan sai wayar intanet irin Cat5e ta tashi daga ramin LAN na babbar zuwa ramin LAN na tsohuwar. Ramin WAN a bar shi wayam, sai fa in rutar na da zaɓin AP nata, wanda ke yin wannan saitin da kansa.

DHCP ɗin nan shi ya fi ba mutane wahala, kuma yana ba ni takaici in ga an jefar da ruta mai lafiya saboda shi. Shi ne mai ba kowace salula adireshi, ya nuna mata ƙofar fita. In an bar biyu a kunne, wadda ta riga amsawa ita salula ke bi. Yau intanet ya zo, gobe wifi ya cika taf amma shafi ya ƙi buɗewa. Duba bayanan wifi a salular: in Gateway, wato ƙofar fitar, ya nuna 192.168.1.2 maimakon 192.168.1.1, tsohuwar ce ke rabo har yanzu.

Kada wayar ta wuce mita 100. In za ta ratsa tsakar gida, zura ta cikin bututu, don ranarmu na busar da fatarta har ta tsage. Rutoci tsofaffi da yawa raminsu ba ya wuce 100 Mbps, amma hakan ya ishi shago. A 2.4 GHz kuma, in babbar na kan tasha ta 1, sa ta shagon a ta 6 ko ta 11.