Waiwaye: Yadda Aka Raba Gudun Wasa da Gudun Na'ura

Wanda ya taɓa haɗa ƙaramin wasan waya ya tura wa abokai su gwada, zai iya sanin wannan ƙorafin: ɗaya ya ce ɗan wasan yana tafiya kamar hawainiya, ɗaya kuma ya ce ko kallonsa bai gama yi ba ya afka rami. Wasa ɗaya ne, kod ɗaya ne, wayoyin ne suka bambanta. Matsalar ta girmi wasannin waya da shekaru masu yawa, kuma asalinta tambaya ce guda: wane agogo wasan yake bi?

Motsin da muke gani a allo jerin hotuna ne da ake sauyawa da sauri, kowane hoto ana ce masa firam. A kowane zagaye wasa yana duba abin da aka danna, ya matsar da abubuwa, ya zana hoto, sannan ya koma farko. Masu rubuta wasannin farko sun ɗauki wannan zagayen a matsayin agogonsu, kuma ba su yi wauta ba, domin na'urar da wasan zai hau iri ɗaya ce a ko'ina. Space Invaders, wanda Tomohiro Nishikado ya ƙera wa kamfanin Taito a 1978, misali ne mai kyau. Dodanni 55 ne a allo, kuma ɗaya kawai ake matsarwa a kowane firam. Idan suna nan dukansu, sai an ci kusan sakan guda kafin rundunar ta gama taki ɗaya. Da an fara kashe su sai zagayen ya gajarta, na ƙarshe kuwa ya riƙa tsere kamar an biyo shi. Wannan saurin da ke ɗaga hankalin mai wasa, daga ƙarancin ƙarfin na'ura ya samo asali, aka ga ya yi daɗi aka bar shi.

Rikici ya fara ne da wasa ɗaya ya soma hawa na'urori daban-daban. Kwamfutar IBM ta 1981 tana gudun megahaz 4.77, kuma wasanni da yawa an auna su a kan wannan gudun. Da kwamfutoci masu sauri suka fito, tsofaffin wasannin suka haukace. Maganin da aka samo abin dariya ne: aka sa maɓalli a jikin kwamfutar mai suna Turbo, wanda amfaninsa na gaske shi ne a iya rage wa na'urar gudu don tsohon wasa ya dawo hayyacinsa. Wato maimakon a gyara wasan, sai aka ɗaure wa doki ƙafa.

Talabijin ma ya kawo nasa rabon. A Amurka da Japan allo yana sabuntawa sau 60 a sakan, a Turai kuma sau 50, kuma tsarin PAL mai 50 ɗin shi ne na Najeriya. Wasan da aka ɗaure motsinsa da firam, idan aka kai shi na'urar Turai ba tare da gyara ba, sai ya rasa kashi ɗaya cikin shida na saurinsa. Sonic the Hedgehog na 1991 ya shahara da haka: a na'urar Turai har kiɗansa ya fi nauyi. Wanda ya buga shi a irin wannan na'urar, Sonic mai ɗan sanyin jiki ya sani.

Gyaran da ya zama ruwan dare daga baya mai sauƙi ne. A daina cewa "matsa fiksel 5 a kowane firam", a koma cewa "matsa fiksel 300 a kowane sakan". A lissafa a gani. Fiksel 5 a firam, a wayar da ke zana firam 60 a sakan, ya ba da 300. A wayar da ke zana 30 ya zama 150, a mai 120 kuma 600. Amma idan a kowane zagaye aka auna tsawon lokacin da ya wuce tun firam na baya, aka ninka gudun da shi, sai lissafin ya daidaita kansa:

```
x += 300 * dt
```

Wayar mai 30 tana yin manyan taku na fiksel 10, mai 120 tana yin ƙanana na fiksel biyu da rabi, a ƙarshen sakan duk sun isa wuri ɗaya. Wannan `dt`, wato lokacin da ya wuce tun firam na baya, shi ne `Time.deltaTime` a manhajar haɗa wasa ta Unity, shi ne kuma `delta` da takwararta Godot ke miƙa wa `_process`. Yawancin darussan koyo a nan suke tsayawa, kuma ga tafiya a miƙe da gudu ɗaya, ya wadatar.

Inda gizo ke saƙar shi ne lokacin da gudun kansa yake sauyawa, kamar a tsalle. Mu ɗauki ɗan wasa da ke tashi sama da gudun mita 10 a sakan, nauyi kuma yana rage masa mita 20 a sakan cikin kowane sakan. A lissafin takarda zai kai tsayin mita 2.5. Yadda aka saba rubutawa shi ne a fara rage gudun, sannan a matsar da shi:

```
v -= 20 * dt
y += v * dt
```

Ga `dt` a layi biyun, kamar komai ya yi daidai. Sai dai a kowane taki ana lissafa tafiyar ne da gudun ƙarshen takin, alhali a farkon takin ɗan wasan ya fi haka sauri. Ana ɗan tauye masa hakki ke nan a kowane firam, kuma girman tauyewar yana bin girman takin. A firam 120 zai kai mita 2.46. A firam 60 zai kai 2.42. A firam 30 kuwa 2.33 ne iyakarsa. To, a ce mai tsara wasan ya gwada a wayarsa mai 60, ya sa katanga mai tsayin mita 2.4, ya ga ana haye ta da ƙyar, ya ji daɗi. Mai ƙaramar waya zai kwana yana tsalle bai hau ba, kuma zai ɗauka hannunsa ne bai iya ba. Bambancin bai kai taƙi guda ba, amma ya rufe masa wasan baki ɗaya.

Manyan kamfanoni ma sun faɗa irin wannan ramin. A Quake III Arena na 1999, 'yan gasa sun gano cewa idan suka tsayar da wasan a firam 125 a sakan, tsallensu yana ɗan fin na kowa tsayi, saboda yadda ake zubar da ɓurɓushin lambobin gudu a kowane firam. Sai `com_maxfps 125` ya zama abin da kowa ke sakawa. A 2014 kuma masu buga Dark Souls II a kwamfuta da firam 60 suka lura makamansu suna lalacewa da wuri fiye da na masu bugawa da 30, domin ana ƙirga lalacewar ne a kowane firam da makamin ya taɓa wani abu. Sai a 2015 aka gyara.

Abin mamaki, mafitar da ta fi ƙarko komawa ce ga tsohuwar hanya, amma da agogo na gaskiya. Tun a 1993 wasan Doom yana tafiyar da duniyarsa a taku 35 a sakan, ba ƙari ba ragi. A 2004 Glenn Fiedler ya rubuta maƙalar da ta yaɗa cikakken tsarin a tsakanin masu haɗa wasa. Dabarar kamar asusu take. Duk lokacin da ya wuce ana jefa shi a ciki, kuma ba a matsar da komai sai an tara kuɗin taki ɗaya cikakke, misali kashi ɗaya cikin 60 na sakan:

```
asusu += min(dt, 0.25)
while asusu >= taki:
    motsa(taki)
    asusu -= taki
zana(asusu / taki)
```

Waya mai 30 za ta yi taku biyu kafin ta zana hoto ɗaya. Mai 120 za ta yi taki ɗaya a kowane hoto biyu. Dukansu lissafi iri ɗaya suka yi da `taki` iri ɗaya, saboda haka tsallen nan mita 2.42 ne a hannun kowa. Canjin da ya rage a asusun kuma ba a banza yake ba: da shi ake zana ɗan wasan a tsakanin matsayinsa na baya da na yanzu. Idan aka tsallake wannan, mai babbar waya zai ga hoto ɗaya sau biyu, motsin ya riƙa karkarwa duk da lissafin daidai yake. `FixedUpdate` na Unity wannan tsarin ne, da taki na sakan 0.02 idan ba a sauya ba, `_physics_process` na Godot kuma taku 60 ne a sakan.

Wannan `0.25` da ke layin farko yana tare masifa biyu, kuma dukansu sun fi yawa a waya. Ta farko: kira ya shigo, mai wasa ya yi sakan 20 yana magana, ya dawo. Idan aka miƙa wa `x += 300 * dt` waɗannan sakan 20 ɗin, ɗan wasan zai yi tsallen fiksel 6,000 a firam ɗaya, ya ratsa bango ba tare da an ga ya taɓa shi ba. Ta biyu ta fi muni. Idan waya ta yi rauni har lissafin taki ɗaya yana cin lokaci fiye da tsawon takin, kowane zagaye zai bar bashin da ya fi na baya, har wasan ya sandare. Da iyakar, ba za a taɓa bin wayar fiye da taku 15 a zagaye ɗaya ba. Wasan zai yi sanyi na ɗan lokaci, an yafe bashin ke nan, kuma a ganina wannan ya fi a ce an ci gaba da bin wanda ba shi da abin biya.

Waya ta dawo da tsohuwar matsalar ne ta fuska biyu. Daga sama, allo mai sabuntawa sau 120 ya shigo da Razer Phone da iPad Pro a 2017, yanzu kuma 90 da 120 sun zama gama-gari. Wasannin burauza da aka rubuta da zaton `requestAnimationFrame` sau 60 yake zuwa a sakan suka ninka gudu, tamkar zamanin Turbo ya dawo. Daga ƙasa kuma, waya ɗaya ma ba ta da gudu ɗaya: idan ta yi zafi tana rage ƙarfinta da kanta, haka ma idan aka kunna tanadin batir. Wasan da ya fara da firam 60 zai iya komawa 40 bayan ɗan lokaci a hannu ɗaya, balle a zafin bazara.

Gano ciwon ba ya buƙatar tara wayoyi. A Unity a sa `Application.targetFrameRate` a 30, sannan 60, sannan 120 idan allon zai ɗauka, a sa wasan ya rubuta lambobi biyu a kowane gwaji: sakan nawa aka ɗauka daga wannan bango zuwa wancan, da ƙololuwar tsayin tsalle. Idan ta farko ta sauya, akwai inda aka manta `dt`. Idan ta farko ta tsaya amma ta biyu ta sauya, lissafin nauyi ne ke bin firam, a mayar da shi cikin taki tsayayye.

Akwai abin da duk wannan ba ya gyarawa. A firam 30, tazarar hoto da hoto milisakan 33 ce, a 120 kuma kusan 8. Mai ƙaramar waya zai ga rami a makare, yatsansa ma a makare wasan zai ji shi. Shi ya sa masu tsara wasannin tsalle da yawa suke barin ɗan sassauci, su karɓi tsallen da aka danna jim kaɗan bayan ƙafa ta bar bakin katanga. Wannan sassaucin ma da sakan ake auna shi: idan aka rubuta shi a matsayin firam 6, mai 30 zai samu kashi ɗaya cikin biyar na sakan, mai 120 kuma kashi ɗaya cikin ashirin.