Tanki ya kusa danne magini: yadda ake rubuta rahoton

Malam, a shantiyenmu a nan Damagaram ana ɗaga tankin shato da injin ɗaga kaya sai ya karkace a sama, ya bugi ƙarafunan da magina ke takawa. Ba wanda ya ji ciwo. Shef ya ce in kawo rahoto, da me zan fara?

Ɗan'uwa, fara da abin da ido ya gani da abin da aka auna, kada kalmar "saboda" ta shiga wannan sashe. Je wurin a ranar, kafin a kwance igiyoyi, ka ɗauki hoto, ka auna, ka ji bakin direban injin da mai ɗauri da mai yi wa direba alama da hannu, kowa shi kaɗai. In ka tara su wuri guda, maganar babba ce za ka ji sau uku.

Ga yadda sashen zai kasance, a misali: "Ƙarfe 10 da minti 20 aka ɗaga tankin ƙarfe da igiyoyi biyu masu mita 2, kowace an rubuta mata tan 3. Tsakanin kunnuwan tankin, inda aka ɗaura igiyoyin, mita 3 da rabi. Da ya kai mita 5 sama sai ya karkace, ya yi lilo, ya bugi ƙarfen takawa. Magini ɗaya yana mita 1 daga wurin. An sauke tankin, an tarar da kunne ɗaya ya lanƙwashe, da ruwa kimanin lita 1,000 a ciki." Kalmomi irin su sakaci da ganganci hukunci ne, ba su da gurbi a nan.

To dalilan fa? Kowa cewa yake laifin mai ɗauri ne.

In ka tsaya a kansa, za a kore shi, wanda ya gaje shi kuma ya tarar da igiyoyin nan dai. Yi lissafin tukuna.

Takarda ta ce tankin tan 3 ne. Amma ya yi damina a buɗe, kuma lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ke nan tan 4 aka ɗaga. Ruwan ba ya zama wuri guda: tanki na ɗan karkata sai ya kwarara can, nauyi ya bi shi, karkatar ta ƙaru.

Sai kusurwa, wadda ita ce aka fi mantawa. Igiya mai mita 2 a kan kunnuwa masu tazarar mita 3 da rabi tana kwantawa ne wajen digiri 30 daga saman tankin. A wannan kusurwa nauyi ba ya rabuwa biyu, kowace igiya tana jan kwatankwacin nauyin kayan gaba ɗaya, wato tan 4 a kan igiyar tan 3. Ban da haka, ana jan kowane kunne zuwa ciki da ƙarfin kusan tan 3 da rabi, shi ya lanƙwasa shi. Da kusurwar digiri 60 ce, da kowace igiya tan 2.3 kawai za ta ɗauka.

Yanzu tambayi abin da ke bayan kowane. Me ya sa aka ɗaura gajeru? Wataƙila su kaɗai ke cikin sito. Wa aka ɗora wa leƙa cikin tankin? Me ya sa magini yake kusa, an kewaye wurin kuwa? Kowane dalili ka jingina shi da layi ɗaya na sashen farko. Wanda ba ka da shaidarsa, kamar iska idan ba a auna ta ba, rubuta cewa ba a tabbatar ba.

A sashen gyara, in na rubuta "a ƙara kula" ya isa?

Bai isa ba, don ba mai iya zuwa ya duba ko an yi. Kowane dalili ya samu gyaransa, da wanda aka ɗora wa, da ranar gamawa. Na nan take: a janye igiyoyin biyu daga aiki sai ƙwararre ya duba su, a zubar da ruwan, a gyara kunnen a gwada waldarsa.

Na dindindin: mai sito ya kawo igiyoyi masu mita 4, domin idan tsawon igiya ya kai tazarar kunnuwa, kusurwa ta kai digiri 60. A sa cikin takardar izinin ɗagawa cewa sai an buɗe duk wani tanki an leƙa. Direba ya fara ɗaga kaya santimita 20 zuwa 30, ya tsaya, ya karanta nauyin a allon injin. In ya saɓa wa takarda, a sauke. A ɗaura igiyar jan hanya, wadda ake riƙewa daga ƙasa don hana lilo, a gefen kaya, a kewaye duk inda hannun injin zai iya kaiwa. A ƙarshen takardar ka bar fili inda shef zai sa hannu ranar da ya ga sababbin igiyoyin a jikin ƙugiya.